Zoben matsi ko buɗa baki: tambayoyi da amsoshi kan haɗa bututun PEX a gidajen Katsina

Mafi yawan masu aikin famfo a Katsina sun ƙware ne a kan bututun PVC da ake haɗawa da gam da kuma bututun PPR da ake narka bakinsa da injin zafi. Bututun PEX ya sha bamban da su duka biyun, domin gam ba ya kama shi, kuma ba a narka shi a liƙe. Ƙarfin haɗinsa gaba ɗaya yana fitowa ne daga yadda bututun ya damƙe mahaɗin da ke cikinsa. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi hanyoyi biyu na samar da wannan damƙa, da kayan aikin kowace, da yadda ake tabbatar da haɗi kafin a rufe shi da filasta.

Mene ne ainihin bambancin hanyoyin biyu?

A hanyar zoben matsi, mahaɗin yana da ɗan siririn wuya mai tudu-tudu wanda ke shiga cikin bututun ba tare da wahala ba. Kafin a sa shi ana zura zoben jan ƙarfe a bayan bututun, sannan a matse zoben da awartaki na musamman har ya danne jikin bututun a kan tudun mahaɗin. Da zarar an saki awartakin, haɗin ya kammala, kuma yadda aka bar shi haka zai zauna. Idan matsin ya yi daidai, to ya yi. Idan ya gaza, babu abin da zai ƙara masa ƙarfi daga baya.

A hanyar buɗa baki kuwa, wuyan mahaɗin ya fi ramin bututun kauri, don haka ba zai shiga ba sai an buɗa bakin. Ana sa zoben roba, wanda shi ma da PEX aka yi shi, a bakin bututun, a buɗa su tare da na'ura, a cusa mahaɗin da sauri, sai bututun da zoben su fara komawa girmansu na asali su shaƙe mahaɗin. Wannan komawa ba ta ƙarewa a cikin minti ɗaya, kuma robar tana ci gaba da neman tsukewa muddin haɗin yana nan. Ƙa'idar da ta tsara zoben matsi da mahaɗin tagulla ita ce ASTM F1807, ta mahaɗin roba mai zoben jan ƙarfe ita ce F2159, ta buɗa baki kuma F1960. Ana samun waɗannan lambobi a jikin mahaɗi ko a ledarsa, kuma su ne abu na farko da ya kamata a duba a shago.

Ko wane bututun PEX ne ake iya buɗa wa baki?

A'a, kuma nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa. PEX iri uku ne gwargwadon yadda aka sarrafa robar a masana'anta, wato PEX-a da PEX-b da PEX-c. Harafin ba daraja yake nunawa ba, hanyar ƙira ce kawai. PEX-a ya fi laushi kuma ya fi saurin komawa siffarsa bayan an buɗa shi, shi ya sa aka gina hanyar buɗa baki a kansa. PEX-b ya fi tauri, kuma idan aka buɗa wanda ba a yi shi domin haka ba, yana iya yin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, ko ya ƙi komawa yadda ya kamata. Akwai kamfanonin da suka amince a buɗa nasu PEX-b, amma sai an ga F1960 a rubuce a jikin bututun ko a takardar kamfanin. Zoben matsi shi kuwa yana aiki a kan dukan nau'ukan uku.

Akwai wata matsala da ta fi damun kasuwanninmu, wato cakuɗuwar kayan awon inci da na awon milimita. Bututun rabin inci na tsarin Amurka kaurinsa daga waje milimita 15.9 ne, yayin da na tsarin Turai, wanda ke bin ƙa'idar ISO 15875, milimita 16 ne, kuma kaurin bangonsu ba ɗaya ba ne. A hannu ba za a iya rarrabe su ba, amma zobe da mahaɗin ɗaya ba sa riƙe ɗayan yadda ya kamata. Haka nan farin bututun nan mai alminiyam a tsakiya, wanda ke tsayawa a lanƙwashe idan an lanƙwasa shi, yana da nasa mahaɗan dabam, kuma bai dace da ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba. Wanda zai aika a sayo masa kaya daga Kano ya fi kyau ya ɗauki hoton rubutun da ke jikin bututunsa ya tura, maimakon ya ce a kawo masa na rabin inci kawai.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata domin zoben matsi?

Abubuwa huɗu ne ba a aiki sai da su: almakashin yanka bututu mai kaifi, awartakin matsi mai bakin da ya dace da girman bututun, gejin gwaji, da kuma abin yanke zobe idan haɗi ya lalace. Zarto ba ya cikin lissafi, domin yana barin bakin a karkace da ɓurɓushi. Filaya ma ba ta maye gurbin awartakin, saboda filaya daga gefe biyu take matsewa, alhali ana son zoben ya tsuke daidai ta ko'ina. Zoben da aka yi wa PEX yawanci baƙi ne duk da cewa jan ƙarfe ne a ciki.

Awartakin yana da wurin saiti, kuma yana sassautawa sannu a hankali da yawan aiki. Saboda haka ana yin haɗin gwaji a kan guntun bututu da safe kafin a fara, a auna shi da geji, sannan a shiga aikin gida. Akwai kuma wani zoben ƙarfe marar tsatsa mai ɗan kunne a gefe, na ƙa'idar F2098, wanda ake tsuke kunnensa da wani awartaki dabam. Yana hawa kan irin mahaɗin da zoben jan ƙarfe ke hawa, awartaki ɗaya yana yi wa girma da yawa, amma gejin zoben jan ƙarfe ba ya auna shi.

Yaya ake matse zoben, mataki-mataki?

Ana yanke bututun a miƙe, a zura zoben ya wuce ciki kaɗan, a tura mahaɗin har bakin bututun ya taɓa kafaɗarsa, sannan a dawo da zoben ya tsaya tsakanin milimita 3 zuwa 6 daga bakin. Wannan tazara ba ado ba ce. A daidai wurin ne tudun mahaɗin suke, kuma zoben da ya matso can baki ko ya ja baya da yawa zai danne wurin da babu tudu a ƙarƙashinsa, ya bar ruwa da hanyar bi. Bayan haka ana ɗora bakin awartakin a tsakiyar zoben ya rufe faɗinsa duka, a tabbata awartakin yana tsaye sosai a kan bututun bai jingina gefe ba, a matse har hannuwansa su kai ƙarshe. Sau ɗaya ake matsewa.

To ta yaya ake gane cewa matsin ya yi?

Wannan ita ce babbar falalar zoben matsi, domin ana iya auna shi a samu amsa tabbatacciya. Gejin ɗan faranti ne na ƙarfe mai tsagu biyu ga kowane girma, ɗaya an rubuta masa GO, ɗayan NO-GO. Tsagar GO dole ta shige kan zoben da aka matse. Idan ta ƙi shiga, zoben bai matsu sosai ba, kuma sau da yawa alama ce ta cewa awartakin ya sassauta. Tsagar NO-GO kuwa dole ta ƙi shiga. Idan ta shige, an matse zoben fiye da kima, kuma hakan yana iya raunana bututun ko ya fasa mahaɗin roba. Ana riƙe gejin a tsaye a kan zoben, ba a tilasta shi, kuma ana gwadawa a wurare biyu ko uku na kewayen zoben, a guji ɗan tabon da ke wurin da haƙoran awartakin suka haɗu, domin nan kan ɗan tashi ko da a haɗi mai kyau.

Ga wanda yake da kalifa, wato ma'aunin da ke auna kaurin abu, kaurin zoben rabin inci bayan matsi ya kamata ya faɗo tsakanin inci 0.700 da 0.715, wato kimanin milimita 17.8 zuwa 18.2, na inci uku bisa huɗu kuma tsakanin 0.945 da 0.960. Duk faɗin abin da aka yafe bai kai rabin milimita ba, kuma babu idon da ke ganin wannan, komai daɗewar mutum a sana'a. Shi ya sa nake ganin mai aikin da ya zo da awartaki babu geji bai cika kayan aikinsa ba, kuma mai gida yana da hakkin ya nemi a auna kowane zobe a gabansa.

Bayan geji sai ido. Ana duba ko zoben ya karkace, ko awartakin ya kama rabinsa kawai ya bar gefe ɗaya a tashe, ko bututun ya ja baya daga kafaɗar mahaɗin. Haɗin da ya faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan ba a sake matse shi, domin matsi na biyu yana murɗe zoben ya ɓata zagayensa. Ana yanke shi, a cire zoben, a datse bakin da ya riga ya danne, a sa sabon zobe.

Kayan aikin buɗa baki fa, da yadda ake yin sa?

Ana buƙatar almakashin nan dai, da na'urar buɗawa, da kai mai yatsun ƙarfe na kowane girman bututu, da zoben roba, da giris ɗin da ya zo tare da na'urar. Na'urar akwai ta hannu, akwai mai batir, kamar wadda kamfanin Milwaukee ke yi domin tsarin ProPEX na kamfanin Uponor. Kuɗinta ya fi na awartakin matsi nesa ba kusa ba, musamman mai batir. Giris ɗin a kan tsinin da ke cikin kan ake shafa shi kaɗan, kada ya taɓa bayan yatsun ko cikin bututun. A lokacin hunturu ƙura tana manne wa wannan giris, don haka a riƙa goge kan a mayar da shi akwatinsa, kada a ajiye shi a kan yashin gini.

Ana sa zoben a bakin bututun har ɗan maƙogwaron da ke cikinsa ya tokare. Sai a sa yatsun na'urar a ciki a buɗa, a sake, a juya kan kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ƙara turawa ciki a sake buɗawa, har bakin bututun ya kai kafaɗar kan. Rabin inci yakan ɗauki buɗawa uku zuwa huɗu, uku bisa huɗu kuma kusan ninki biyu na haka. Juyawar nan ita ce ran aikin. Yatsun suna da tsaga a tsakaninsu, kuma idan aka yi ta buɗawa a wuri ɗaya, sai su bar layuka masu zurfi a cikin bututun daga baki zuwa ciki, waɗanda ruwa zai bi ko da zoben ya tsuke sarai. Yawancin na'urori masu batir suna juya kan da kansu, amma ya kamata a sa ido a ga cewa kan ne ke juyawa, ba bututun ne ke bin sa ba.

Da an zare na'urar sai a cusa mahaɗin nan take har kafaɗa, a riƙe shi na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar har bututun ya kama.

Zafin Katsina yana shafar wannan aiki?

Ƙwarai kuwa, amma ba ta inda littattafan ƙasashen sanyi suke gargaɗi ba. Su damuwarsu ita ce roba mai sanyi tana jinkirin komawa. A nan, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, matsalar ita ce bututun yana komawa da sauri, har bakin ya fara tsukewa kafin mahaɗin ya kai ƙarshe. Maganinsa shi ne a ajiye bututu da zobba a inuwa, a riƙe mahaɗin a hannu tun kafin a fara buɗawa, kuma a shirya tun farko ta inda za a tura shi. Da sanyin safiyar Disamba da Janairu kuwa a ƙara ɗan lokacin riƙewa. Zoben matsi bai damu da wannan duka ba.

Rana tana da wata illar da ta shafi hanyoyin biyu. Haskenta yana cin jikin PEX, kuma ko nau'in da ya fi juriya watanni kaɗan aka yarda ya yi a fili. Bututun da ke saukowa daga tanki a bayan gida, wanda rana ke duka kullum, bai kamata ya zama PEX tsirara ba, sai an sa shi cikin wani bututun ko an yi wannan sashe da wani abu dabam. Naɗin da ya daɗe a ƙofar shago yana shan rana ma abin gudu ne.

Tunda babu geji, ta yaya ake duba haɗin buɗa baki?

Rabin dubawar tana faruwa ne a lokacin aikin. Kafin a sa mahaɗin, a leƙa cikin bakin a ga cewa alamun yatsun sun bazu ko'ina kuma ba su yi zurfi ba. Lokacin turawa ya kamata a ji ɗan tauri. Idan mahaɗin ya shige sakwa-sakwa kuma ya daɗe yana motsi, an buɗa fiye da kima ko an riƙe na'urar a buɗe na tsawon lokaci, kuma irin wannan haɗi yana buƙatar jira mai tsawo kafin a yarda da shi.

Bayan ya kama, abin dubawa shi ne bututun da zoben duka sun jingina da kafaɗar mahaɗin a kewaye. Gibin da ya wuce kimanin milimita ɗaya da rabi ba a karɓarsa. Hanya mai sauƙi ita ce a gwada da katin banki: idan gibin ya fi kaurin katin a fili, a sake haɗin. A kuma duba ko zoben ya zame baya ya bar bakin bututun a waje, abin da ke faruwa idan bututun yana da danshi ko maiƙo. Wajen gyara ana datse kimanin santimita 5 na bututun, domin sashen da aka riga aka buɗa ba a sake amfani da shi, a ɗauki sabon zobe. Idan za a ceci mahaɗin, a kula kada wuƙa ta karce tudunsa.

Wanne ya fi dacewa da gidan da ke shan ruwa daga tanki?

Mu ɗauki gida a Ƙofar Ƙaura mai rijiyar burtsatse, wanda ruwan tankinsa ke mita 6 daga ƙasa, kan shawa kuma yana mita 2. Kowace mita 10 ta tsawo tana ba da matsin ruwa kimanin ba 1, wato ma'aunin matsi da ake rubutawa bar, don haka tazarar mita 4 da ke tsakani ba ta wuce ba 0.4 ba. Wannan ƙarfi kaɗan ne, kuma duk abin da ya rage shi a hanya za a ji shi a wanka. Ramin bututun rabin inci kimanin milimita 12 ne. Ramin mahaɗin tagulla na zoben matsi kimanin milimita 9 ne, wato ɗan fiye da rabin filin da ruwa ke bi, na roba kuma ya fi haka ƙanƙanta. Na buɗa baki yana kusa da milimita 10, wanda ya bar kusan kashi biyu cikin uku.

Mahaɗi ɗaya ba ya kashe ruwa, amma idan tsakanin tanki da shawa akwai gwiwa shida da mahaɗi mai siffar T guda biyu, asarar tana taruwa. A irin wannan gida, idan bututun PEX-a ne kuma na'urar tana samuwa, buɗa baki ya fi. Idan kuwa zoben matsi ne a hannu, a jawo babban layi da inci uku bisa huɗu har ƙofar banɗaki, a rage zuwa rabin inci a ƙarshe kawai, kuma a lanƙwasa bututun a kusurwa maimakon sa gwiwa, muddin lanƙwasar tana da faɗi, kimanin ninki takwas na kaurin bututun. Gwiwar da aka rage ta rage asarar ruwa, ta kuma rage haɗin da za a binne a bango. Gidan da ke da injin ƙara matsi ba zai ji wannan bambanci sosai ba, kuma a can na fi karkata ga zoben matsi saboda arhar kayansa da gejinsa.

Idan an buɗe ruwa ba a ga ɗigo ba, ai shi ke nan ko?

Ba shi ke nan ba. Matsin ba 0.4 na tanki ba ya tona asirin haɗi mai rauni, kuma bututun da aka yi shi ya ɗauki kimanin ba 11 a ruwa mai sanyi bai ma san an gwada shi ba. Haɗin da ya yi shiru yau yana iya fara tsiyaya ranar da aka sa injin ƙara matsi, ko bayan ruwan zafi da na sanyi sun yi ta miƙar da bututun suna tsuke shi, a lokacin kuma tayil ya riga ya rufe komai.

Gwajin gaskiya da famfon gwaji na hannu mai agogon matsi ake yin sa. Ana toshe dukan bakunan, a ware hita da tanki da duk abin da ba zai jure ba, a cika layin da ruwa daga ƙasa ana fitar da iska ta wuri mafi tsawo, sannan a ɗaga matsin zuwa kimanin ba 7. Idan haɗin buɗa baki ne, a ba shi aƙalla rabin awa bayan haɗi na ƙarshe kafin a fara. A farkon gwajin allurar za ta ɗan sauka ko da babu yoyo, domin PEX yana ɗan kumbura a ƙarƙashin matsi. Sai a mayar da ita ba 7 sau biyu ko uku a cikin rabin awar farko. A layi lafiyayye, kowace sauka tana kasa wadda ta gabace ta har allurar ta tsaya. A layi mai yoyo, saukar ba ta raguwa, tana tafiya da gudu ɗaya. Bayan ta tsaya a bar shi awa biyu, a bi kowane haɗi da busasshiyar takarda ana shafawa a ƙarƙashinsa, domin takarda tana nuna danshin da yatsa ba ya ji. A kula kuma da rana: layin da ta haska yana iya motsa allurar ba tare da wani laifi ba, don haka gwaji da safe ko da yamma ya fi ba da amsa sahihiya.

Me ake yi wa haɗin da za a binne, da wanda ke kusa da hita?

Mahaɗin tagulla da zoben jan ƙarfe ana naɗe su da abin kariya kafin siminti ya taɓa su, kuma ya fi kyau bututun da ke bi ta bango ya kasance cikin wani bututun da zai ba shi damar motsi. Layi mai mita 10 yana iya ƙara tsawon kusan santimita 5 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, kuma idan babu inda zai motsa, haɗin ne ke ɗaukar jan. Mahaɗin roba kuma ba ya jituwa da gam ɗin PVC da sauran sinadarai masu narkarwa, don haka kada a bar su su ɗiga a kansa. A wajen hita, tsarin da aka saba bi shi ne a fara da bututun ƙarfe na kimanin santimita 45 daga jikinta, sannan PEX ya ci gaba daga nan, kuma wannan haɗi na farko a bar shi a inda hannu da geji za su iya kai masa.